Lambar da Gumi Ya Cinye

Na daɗe ina shakkar ko wannan abu ya kai a rubuta shi. Lambar waya ce a kan 'yar takarda, guda ɗaya daga cikin lambobinta ta goge. Duk wanda ya iya ƙirga ya san abin da zai zauna a gurbin bai wuce goma ba, daga sifili zuwa tara. A kira su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta dace ta dace. Haka na ɗauka, kuma har yau ban ce lissafin ƙarya ba ne. Abin da ban sa a ciki ba shi ne, a bayan kusan kowace lamba akwai mutum da halinsa, duk kuwa baƙi ne ban da guda. A ɗakin goggona na ga haka, shi ya sa labarin nata ne.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. A babbar tashar motocin nesa take aiki, a wani ɗan ɗaki tsakanin ofishin tikiti da banɗakin fasinjoji. Nan ake kai kayan da aka manta a mota, nan kuma ake zuwa cigiya. Direbobi ba su san ta da wani suna ba sai Goggon Cigiya. Mijinta direba ne a tashar. Da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, shugabannin tasha suka ba ta ɗakin don ta samu abin riƙe su. 'Ya'yan sun girma sun watse, shugabannin sun sauya ba adadi, ita tana nan. Gwiwoyinta sun gaji da ita, haka ta ce. In za ta tashi sai ta dafa tebur da hannu biyu ta yi ajiyar zuciya, kamar mai shirin ɗaga buhu.

Ɗakin taga ɗaya ne da shi, mai sandunan ƙarfe. Akwai tebur, benci, fanka mai kuka, da wayar ofis wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba. Bango guda kanta ce har sama: jakunkuna, takalma wari-wari, tabarau, robobin abinci, da wata ƙafar katako da ta shekara biyar tana jiran mai ita. Lasifikar cigiya takan yi aiki ranar da ta ga dama.

Lokacin da na dawo daga karatu, bayan shekaru a wata ƙasa mai nisa, ina zaman jiran aiki, mahaifiyata takan aike ni in kai wa Goggo abincin rana. Daga kai abinci na koma zama. Ta sa min suna Baƙo, wai ina kallon komai kamar yau na sauka.

Ran nan da hantsi wani direba da ake kira Ba-Birki ya shigo riƙe da hannun wani dattijo. Ba-Birki ƙato ne, murya kamar ganga, zuciya kamar auduga, bakinsa kuwa shi ya ja masa sunan.

"Goggo, ga ajiya na kawo miki. Wannan ba ta shiga kanta."

Dattijon siriri ne, tsaf da shi duk da ƙurar hanya. Rigarsa fara ce da ta sha guga kafin ta sha zama. A hannunsa akwai baƙar lema a naɗe, ya riƙe ta gam. Ya gaishe mu da ladabi, ya zauna a benci ba tare da an ce masa zauna ba.

"A ina ya hau?" in ji Goggo.

"Kwandasta ya ce a hanya ne, bai san wane gari ba. Wai wata mata ta biya masa, ta ɗauka kakan wani ne a cikin motar. Kowa ya sauka, shi yana zaune. Na ce Baba an iso, ya ce min ai ba a tashi ba tukuna."

Motar ta ratso garuruwa shida kafin ta iso. Goggo ta jawo kujerarta kusa da bencin.

"Baba, sannu da hanya. Yaya sunanka?"

Ya yi murmushi kamar an tambaye shi abin da kowa ya sani. "Kin san ni ai."

"Na sani, mantuwa ce. Ina za ka?"

"Makaranta. Zan ɗauko yarinya. Hadari ya haɗu, ba ta fita da lema ba."

Na leƙa taga. Rana ce fayau, ko gajimare babu. Goggo ba ta leƙa ba. Ta ce, "Gaskiya ne, gara a ɗauko ta. Sha shayi tukuna, ba a kaɗa ƙararrawa ba." Ta aiki Ba-Birki ya sayo shayi da burodi. Dattijon ya ci kamar wanda ya kwana da yunwa, amma a hankali, yana kare rigarsa da tafin hannu.

Ba ta lalube shi ba. Sai da ya ƙoshi ta ce ko zai duba aljihu, ko akwai tikitinsa. Ya fito da hankici, da maɓalli guda, da bawon lemo. Ita ce ta lura da ƙyallin fil a bakin aljihun ciki. Ta nemi izininsa, ta cire fil ɗin, ta zaro wata takarda da aka ninke huɗu. Ta yi laushi da gumi kamar tsumma. Ta buɗe ta a kan tebur da bakin farce.

Layi biyu ne da shuɗin biro. Na sama: "Mahaifina ne. Yana mantuwa. Don Allah a kira ni." Na ƙasa lambar waya. Ba suna, ba gari. Ninkin takardar ya faɗa daidai kan lamba ta uku daga ƙarshe, gumi ya bi ninkin ya narkar da tawadar, sai wani shuɗin tabo.

Ba-Birki ya lashi yatsa ya miƙo hannu. "Bari in goge dattin, za ta fito."

Goggo ta buge hannun. "In ka taɓa ta sai na sa ka a kanta kusa da ƙafar can. Abin da ya rage ɗin za ka share?"

"To a bi ta da biro, ai takwas ce, ga ta nan."

"Kai komai takwas ne a wurinka, har tayar motarka."

Ta ce in ɗauki hoton takardar da wayata kafin kowa ya ƙara numfashi a kanta. Sannan ta sa ta cikin wata farar leda, ta ɗauko tsohon kwalin tikiti ta kwafe lambar a bayansa, ta bar gurbi. Ta ƙirga lambobin da yatsa har sau biyu, don ta tabbatar guda ɗaya ce ta ɓace ba biyu ba. In an haɗa da tabon, sun cika daidai yadda lambar waya take.

"Da biyu ne fa?" na tambaya.

"Da ɗari ke nan. Da na ce Allah ya ba mu haƙuri."

Ta ɗaga ledar a hasken taga, ta juya bayan takardar ko biro ya bar shaidar dannawa. Ninki ya cinye wannan ma. Na faɗaɗa hoton a waya, muka haɗa kai muna kallo. Saman lambar ya tafi gaba ɗaya. A ƙasa akwai wani ɗan lanƙwasa kamar gindin ƙwarya.

Daga nan muka yi ta rarrabewa. Ɗaya da huɗu da bakwai a kan miƙaƙƙiyar ƙafa suke tsayawa. Biyu gindinta a shimfiɗe yake. Tara ta danganta da hannun mai rubutu, wani yakan lanƙwasa wutsiyarta, wani a'a. Muka yi sa'a akwai wata tara a farkon lambar, wutsiyarta a miƙe kamar sanda. Suka rage masu zagayayyen gindi: sifili, uku, biyar, shida, takwas. Na so in ƙara tacewa, ko gefen hagu a rufe yake, don in a rufe ne uku da biyar sun fita. Tabon bai yarda ya faɗa ba.

"To mun zubar da biyar," na ce.

"Ba mu zubar ba, Baƙo. Mun sa su a bayan layi. Mai rubutu cikin sauri yakan yi bakwai ta fito kamar ƙugiya."

Ta sa na jera duka goman a kwalin, cikakku, kowace a layinta, masu zagayayyen gindi a sama. Ta ce duk abin da aka faɗa a waya in rubuta shi yadda aka faɗa. Kafin ta taɓa wayar, ta tura Ba-Birki ƙaramin ofishin 'yan sanda da ke bakin ƙofar tasha ya shaida musu akwai dattijo a hannunta. Ya dawo ya ce sun rubuta, babu wanda ya kawo musu cigiyarsa, kuma in ƙarfe shida ta yi ba a samu danginsa ba a kai musu shi.

Goggo ta yi tsaki a hankali. Ƙa'idar tasha ce, shida ake kulle ɗakin, ba a kwana da mutum a ciki. Ta san bencin da zai kwana a kai a can, kusa da waɗanda aka kamo. Ta kuma san in gari ya waye za a miƙa shi gidan gajiyayyu, inda samun mutum yakan ɗauki makonni, in an same shi.

Ta kira ta farko, mai sifili, da wayar ofis, ta buɗe murya don in ji. Na'ura ta ce babu wannan lamba. Na rubuta.

Mai uku wani mutum ne ya ɗauka, ana ta bugun ƙarfe a bayansa.

"Salamu alaikum. An samu lambarka ne a wata takarda. Ko akwai wani naka da kake nema?"

"Wa? Ni kwastomomina nake nema, Hajiya, sun gudu da aikina. Wa kike so?"

"Ba kai ba ne ke nan. Yi haƙuri."

Abin da take faɗa ke nan, ba ƙari. Ba ta ce tsoho ne ba, ba ta ce namiji ne ko mace ba, ba ta ambaci tasha ba. Na tambaye ta dalili. Ta ce wanda ya ɓatar da mutum ba ya bukatar a kwatanta masa shi, shi zai kwatanta. Wanda bai ɓatar ba kuwa, me zai yi da kwatancen in ba sharri ba?

Tana cikin danna mai biyar wata mata ta leƙo taga tana kukan ta manta jakar magani a mota. Goggo ta dafa tebur ta tashi ta nufi kanta. A daidai nan aka ɗauka. Ba-Birki, da taimako ya cika masa ciki, ya sunkuya kan wayar.

"Yawwa, bawan Allah! Wani dattijo ne muka tsinta, bai san kansa ba, ga shi nan tsaf-tsaf da shi, da gani ɗan gidan mutunci..."

Ban taɓa ganin Goggo ta yi sauri irin na ran nan ba. Ta fizge wayar.

Muryar can ta fashe da kuka. "Wayyo Allah, Babana! Mahaifina ne! Kuna ina? Tun yaushe muke nemansa!"

Ni murna na yi, ba zan ɓoye ba. Goggo ta zauna.

"Madalla. Me yake riƙe da shi a hannu?"

"Sandarsa mana."

"Wace irin riga ya fita da ita?"

"Hajiya, wannan lokacin tambaya ne? Ki faɗa min inda kuke. Ko kuma ku sa shi a tasi, zan gaya wa direban inda zai sauke shi. Akwai jaka a hannunsa? Ku tabbatar kun haɗo da kayansa duka."

"Allah ya haɗa ka da naka," in ji ta, ta kashe.

Ya sake kira har sau uku, ba ta ɗauka ba. Ba-Birki ya cire hula ya sosa kai.

"Ai ni na ɗauka..."

"Ka ɗauka. Da ka ambaci tasha da yanzu yana hanya, da hawayensa a aljihu. Je ka ka yi lodi, bakinka ya huta."

"Goggo, ni da na kawo shi?"

"To zauna, amma ka zauna a kan harshenka."

Mai shida mace ce. Ta ɗauka tun kafin ƙara ta biyu. Goggo ta faɗi kalmominta na kullum. Matar ta ce, da wata murya a dushe, "Ku ji tsoron Allah. Tun jiya kuke damuna." Ta kashe. Na rubuta, na ja layi a kai.

Mai takwas a kashe take. Ba-Birki ya ce ai ya faɗa takwas ce, caji ne ya ƙare musu.

Muka shiga bayan layi. Mai tara tsohuwa ce da ba ta ji sosai, ta ɗauka jikarta ce, ta yi ta yi wa Goggo faɗan rashin zumunci. Mai biyu babu ita. Mai ɗaya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Mai huɗu kantin sayar da taya ne. Mai bakwai wani saurayi ne da ya ce shi ma kansa yake nema, in an samu a sanar da shi.

Goma sun ƙare. Azahar ta wuce, abincin da na kawo ya huce a cikin kwano. Zafi ya cika ɗakin, fanka tana ta juya shi. Dattijon ya tashi sau biyu zai fita, sau biyu Goggo tana ce masa malamai sun riƙe yara, ana gwaji. Ya koma ya zauna yana shafa lemarsa. Tsakanin nan mutane ba su daina zuwa ba: mai neman waya, mai neman kaza, da wani da ya rantse ya bar agogo a motar da ba ta ma zo ranar ba. Ta sallami kowa da murya ɗaya, ba sama ba ƙasa.

Ta sake gwada takwas da ɗaya. Takwas tana kashe. Ɗaya aka ɗauka, wani ɗalibi ne da ya fito daga aji, bai ɓatar da kowa ba. Na ce watakila mai rubutun ta yi kuskure a wata lambar daban, ko ta sauya layi tun tuni. Goggo ta ce yana yiwuwa. Ta cire tabarau ta murza idanu, ta daɗe a haka har na ɗauka barci ya sace ta.

"Karanto min abin da kowa ya ce."

Na karanta daga sama. Da na zo kan shida na ce, "Wannan ta zage mu ta kashe."

"Abin da ta ce nake so, ba yadda ka ji shi ba."

Na karanta mata kalmomin.

"Tun jiya," in ji ta. "Mu yau muka fara kira. Su waye tun jiya?" Ta mayar da tabarau. "Ka lura, duk sauran sai da suka tambaye ni wa nake nema, ko suka yi min dariya. Ita ba ta tambaya ba. Kuma wayar a hannunta take, jira take yi."

Nan abin ya faɗo min. Na ce in mutum ya ɓace yanzu, hotonsa ake bazawa a waya da lambar dangi a ƙasa. Masu damfara kuwa can suke kiwo. Su kira su ce yana hannunsu, a turo kuɗin mota.

"To ka gani," ta ce. "Mu muna tsoronta, ita tana tsoronmu."

Ta kira mai shida, aka katse. Ta sake, aka katse. Sai ta miƙo min wayar ta ce in rubuta saƙo, ita idonta ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Muka yi ta gyara shi har ya zama haka: "Ba kuɗi muke nema ba, kada ki turo wa kowa komai. An samu takarda mai lamba irin taki, guda ta goge, shi ya sa ba mu da tabbas. In kina neman wani naki, kira ki yi mana tambayar da kika ga dama."

Muka jira. Ba-Birki ya fita ya dawo, ya ce motarsa ta cika amma ya bar wa wani layinsa. Goggo ta buɗe kwanon abinci ta raba biyu, ta tura wa dattijon rabi.

La'asar ta kusa wayar ta yi ƙara.

"Na ga saƙonku." Matar nan mai shida ce, muryar a bushe. "In rigarsa za ku faɗa min ko lemarsa, kowa ya gani a cigiyar da na sa. Mutum huɗu sun faɗa min su. Ɗaya har da sa wani tsoho ya yi min nishi a waya. Ku faɗa min abin da ban rubuta ba."

Goggo ta kalli dattijon. Ya jingina da bango, lemar a kan cinyarsa.

"Ya ce makaranta za shi. Zai ɗauko yarinya, hadari ya haɗu, ba ta fita da lema ba."

Sai wani sauti daga can kamar an toshe baki da mayafi. Goggo ta bari ya wuce.

"Yi haƙuri, 'yata, nima sai na tambaye ki. Ba zan faɗi inda yake ba sai na ji. Takardar nan a ina kika sa ta?"

"Aljihun ciki na hagu. Da fil na maƙale ta."

"Me kika rubuta?"

Ta faɗi jimlolin uku ba ta tsallake kalma ba. Ta ƙara da cewa mariƙin lemar ya tsage, shi da kansa ya ɗaure shi da jar wayar lantarki. Na sunkuya na duba ƙarƙashin yatsunsa. Jar waya ce, an naɗa ta sau da yawa, an lanƙwasa bakinta da kyau.

Sai a lokacin Goggo ta faɗi sunan tashar. Ta ce kada ta yarda da ita haka kawai, ta nemi lambar ofishin tikiti da kanta ta kira ta tambaya ko akwai Goggon Cigiya. Ta zo da wani nata, ta zo da hoto. Garinsu shi ne na biyu kafin namu, tafiyar awa biyu in hanya ta yi kyau.

Hanya ba ta yi kyau ba. Shida ta yi, mai gadi ya zo yana kaɗa makullai. Goggo ta ce masa ta kulle, ga shi ma tana kan kullewa. Ta fito da bencin waje ta ajiye a bakin ƙofa, ta sa kwaɗon a hannu ba ta datse ba. Ta aiki Ba-Birki ya gaya wa 'yan sanda dangi suna hanya. Kofur ɗin da ke aiki ya zo da kansa, ya tsaya yana hamma.

Rana na dab da faɗuwa suka iso. Mace ce da ta haura arba'in, sanye da farar rigar masu aikin kantin magani a ƙarƙashin mayafi, idanunta sun kumbura. Ƙanenta na biye da ita. Ta hango bencin ta tsaya cak, sannan ta ƙaraso ta durƙusa.

"Baba."

Ya dube ta da ladabin nan da ya yi mana da safe. "Sannu, malama. An tashi yaran?"

Kofur ya gyara tsayuwa. "Ai bai san ta ba."

"Bai san kowa ba, ranka ya daɗe," in ji Goggo. Ta ɗauki wayar ofis ta danna mai shida. Waya ta yi ƙara a cikin jakar matar. Ta miƙa mata biro da kwali ta ce ta rubuta lambarta. Matar ta rubuta. Aka ajiye kusa da ledar: tara mai miƙaƙƙiyar wutsiya, shida mai gindin ƙwarya. Ƙanen ya nuna hotuna a waya, ga dattijon a tsakar gida, ga lemar jingine da kujera. Kofur ya rubuta sunayensu da lambar katin shaidarsu, ya ce shi ya gamsu.

Matar ta ce da safiyar jiya ta shiga wanka, ta fito ta tarar da ƙofa a buɗe. Shekara uku ke nan suna haka. Ta sauya makulli, ta ɗaura ƙararrawa a ƙofa, ya koyi riƙe ta da hannu in zai fita. Ba kuka take yi ba lokacin da take faɗa, kamar mai karanta jerin kayan cefane. Ta ce makarantar da yake nufi ita ta yi ta tana yarinya, an rushe ta tun tana budurwa.

Goggo ta ce ta daina biro da takarda. Ta sa tela ya ɗinka lambar da zare a cikin kowace rigarsa, lamba biyu, tata da ta ƙanenta, da sunan gari. Matar ta ce to. Ta buɗe jaka za ta ciro wani abu, Goggo ta rufe mata jakar da tafin hannu.

Dattijon bai yarda ya tashi ba. Yarinya ba ta fito ba, in ji shi, ba zai tafi ya bar ta ba. 'Yar ta share fuska da gefen mayafi.

"Ta riga ta tafi gida, Baba. Ta ce in zo in gaya maka."

"Ita kaɗai? Cikin ruwan nan?"

"Ba ta jiƙe ba."

Ya yi nazari, ya miƙe. Ya buɗe lemar, ƙarfe biyu sun karye, ya ɗaga ta a kan matar. "Matso, malama, kada ki jiƙe." Suka ratsa filin tasha a haka, tsakanin motoci da masu talla, ba ɗigon ruwa ko ɗaya a sama. Ba-Birki ya bi su yana share musu hanya da murya, yana kuma jan hanci yana cewa hayaƙi ne.

Muka mayar da benci. Goggo ta yayyaga kwalin mai lambobi goma ƙanana-ƙanana, ta ce lambobin mutane ne, ba na yawo ba. Ta sa na goge hoton daga wayata. Ta zauna ta cire takalmi tana matsa ƙafa, ta ce gobe da sassafe motar dare za ta zo da shirginta.

Na ce, "Goggo, da ba ta kira ba fa? Da duk goman sun ƙi?"

Ta mayar da takalmin, ta dafa tebur da hannu biyu ta tashi.

"Da na raka shi wurin kofur na bar masa bargona. Da safe in zo in fara daga takwas. Miƙo min kwaɗon nan, Baƙo, gwiwata ta ce a tafi gida."